Jadawali uku, amsa ɗaya: yadda wani ɗalibi ya gyara lissafin RR da SJF kafin jarrabawa

## Asalin lamarin

Ɗalibin yana aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Arewacin Najeriya. Darasin da ya ba shi wahala shi ne na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma a cikin darasin ma babi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato babin rabon Sipiyu, ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke gudanar da aiki, tsakanin ayyuka. Ba shi da rauni a lissafi, yana kuma halartar lacca. Idan aka tambaye shi ma'anar kowane tsari da baki, zai faɗa ba tare da gargada ba.

Abin da ake nema a irin wannan tambaya ba shi da yawa. Sipiyu ɗaya ne, ayyuka da dama suna son sa, kuma aiki ɗaya kaɗai yake iya ɗauka a lokaci guda. Akan ba ɗalibi lokacin da kowane aiki ya iso, wanda ake rubutawa AT, da tsawon lokacin da yake bukata a kan Sipiyu, wanda ake rubutawa BT. Sai a ce ya zana jadawalin Gantt, wato dogon layin nan mai akwatuna da ke nuna wanda ya hau Sipiyu daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Daga jadawalin ake karanta lokacin da kowane aiki ya kammala, CT, sannan a fitar da tsawon zamansa gaba ɗaya, TAT, da tsawon jiransa a layi, WT:

```
TAT = CT - AT
WT  = TAT - BT
```

Tsari biyu ne suka shafi wannan lamari. Na farko shi ne wanda takardar jarrabawa ke kira `Shortest Job First`, a taƙaice SJF: duk sa'adda Sipiyu ya huta, sai a ba shi aikin da ya fi gajarta cikin waɗanda suke jira. Na biyu shi ne `Round Robin`, a taƙaice RR, wato karɓa-karɓa: kowane aiki yana samun ɗan ƙayyadadden lokaci da ake kira kwantom, idan bai gama ba a sauke shi ya koma bayan layi. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin injin niƙa zai gane bambancin. A SJF mai injin yana duba kwanukan da ke gabansa ya fara da ƙarami. A RR kuwa mudu ɗaya yake niƙa wa kowa, mai sauran hatsi ya ɗauki kwanonsa ya koma can baya.

## Mako na 6: gwajin tsakiyar zango

Tambayar gwajin tana da ayyuka huɗu, lokutan duka a milisakan, kwantom kuma 3. An nemi jadawali da matsakaicin lokacin jira a ƙarƙashin SJF marar katsewa, sannan a ƙarƙashin RR.

```
Aiki  AT  BT
P1    0   8
P2    1   4
P3    3   2
P4    6   5
```

A ɓangaren SJF ɗalibin ya dubi layin BT kawai, ya jera ayyukan daga ƙarami zuwa babba. Ya sa P3 daga 0 zuwa 2, P2 daga 2 zuwa 6, P4 daga 6 zuwa 11, P1 daga 11 zuwa 19. Da ya zo fitar da zaman P3, sai ya ga 2 a debe 3 ta ba shi −1. Takardarsa ta nuna ya rubuta lambar, ya soke ta, sannan ya ajiye AT gefe guda gaba ɗaya, ya ɗauki lokacin da kowane aiki ya fara a matsayin lokacin jiransa: 11, 2, 0, 6. Jimilla 19, matsakaici 4.75.

Wannan −1 ɗin ita ce alamar da ta fi kowace bayyana a duk takardar. Aiki ba ya kammala kafin ya iso. P3 bai zo ba sai ƙarfe 3, amma jadawalin ya ce ya gama tun ƙarfe 2. A ƙarfe 0 babu kowa a layi sai P1, don haka shi ne zai hau, kuma tunda tsarin marar katsewa ne, ba mai sauke shi sai ya cinye milisakan 8 ɗinsa. A ƙarfe 8 ne sauran ukun suka hallara, a nan ne kuma zaɓen gajere yake fara aiki:

```
| P1 | P3 | P2 | P4 |
0    8    10   14   19

      CT  TAT  WT
P1    8   8    0
P2    14  13   9
P3    10  7    5
P4    19  13   8
```

Jimillar jira 22, matsakaici 5.5. Ɗalibin bai sami ko maki ɗaya a wannan ɓangare ba, kuma bai yi musu ba, domin ya ga kurensa da idonsa.

Ɓangaren RR ne ya jawo rigima. Ya bi ayyukan bisa lambarsu, P1, P2, P3, P4, sannan ya sake zagayowa kan P1, yana tsallake wanda ya gama:

```
| P1 | P2 | P3 | P4 | P1 | P2 | P4 | P1 |
0    3    6    8    11   14   15   17   19
```

Lokutan jiran da ya samu su ne 11, 10, 3 da 6. Jimilla 30, matsakaici 7.5. Amsar da ke hannun malami ita ma 7.5 ce. Duk da haka makin matsakaicin da na P2 da na P3 kacal aka ba shi, aka hana shi na jadawali da na P1 da na P4. Ya fita daga gwajin da maki 3 cikin 15, yana kuma da tabbacin cewa an danne masa haƙƙi a RR.

## Mako na 7 da na 8: abin da ya gwada

Abu na farko da ya yi shi ne rubuta ƙa'idojin a ƙaramar takarda yana haddacewa. Wannan bai canza komai ba, domin tun farko ƙa'idojin ba su ne suka ɓace masa ba. Ya yi amfani da su daidai a RR. Lambobin da ya zuba musu ne suka fito daga jadawali marar kyau.

Na biyu, ya nemo tsofaffin tambayoyi daga hannun 'yan ajin gaba, ya zauna ya warware guda goma sha biyu na RR cikin kwana tara. Hanyar da yake tantance kansa ita ce ya duba matsakaicin ƙarshe, idan ya yi daidai da na takardar amsa sai ya wuce gaba. Goma sun yi daidai, biyu sun saɓa, ya ɗauka kuskuren bugu ne a takardar amsar. Da aka sake duba tambayoyin daga baya, sai aka ga a tara daga cikin goman nan duk ayyukan sun iso ne a ƙarfe 0. Idan kowa ya iso tare, layin yana farawa da P1, P2, P3, P4, kuma duk wanda aka sauke yana komawa bayan dukkan sauran, saboda haka bin lamba da bin layi abu ɗaya ne. Tambayoyin da ya zaɓa ba su da ikon tona kuskurensa. Atisayen ya ƙara masa ƙwarin guiwa ne a kan hanyar da ke kayar da shi.

A SJF ya sami gyara na gaske a waɗannan makonni, domin ya daina fara aiki kafin isowarsa. Sai dai wani sabon ruɗani ya shigo. Ya haɗu da nau'in SJF mai katsewa, wanda ake rubutawa SRTF, inda ake sauke aikin da ke kan Sipiyu idan wanda ya iso ya fi ragowarsa gajarta. Ya riƙa gwada BT na sabon aiki da BT na asali na wanda ke kai, alhali da ragowar ake gwadawa.

## Mako na 9: zaman da aka gano tushen matsalar

Wani ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa 'yan ajin da atisaye ya karɓi takardar gwajin. Bai fara da bayani ba. Ya ce masa, "Malam, sake min tambayar nan yadda ka saba, amma ka mai da kwantom 2." Ɗalibin ya bi lamba kamar kullum, ya sami jimillar jira 25, matsakaici 6.25. Amsar da ta dace ita ce jimilla 26, matsakaici 6.5. Tambaya ɗaya, ayyuka ɗaya, kwantom kawai aka taɓa, sai ga hanyarsa ta kauce.

Inda ta kauce yana ƙarfe 2. P1 ya cinye kwantom ɗinsa, ya sauka, a lokacin P2 kaɗai ke layi, don haka P1 ya tsaya a bayansa. P3 bai iso ba sai ƙarfe 3, ya tarar da P1 a gabansa. Da P2 ya sauka a ƙarfe 4, P1 ne ke kan gaba, shi ne zai sake hawa kafin P3 ya taɓa Sipiyu ko sau ɗaya. Mai bin lamba ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a tunaninsa bayan 2 sai 3.

Daga nan aka koma kan tambayar asali mai kwantom 3, aka warware ta da tebur maimakon a zana jadawali kai tsaye. Kowane layi na teburin hawa ɗaya ne a kan Sipiyu, kuma ana cika shi da tsari guda da ba ya canzawa. A rubuta wanda ya hau da lokacin da zai sauka, wato kwantom ko ragowarsa, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. A rubuta abin da ya rage masa. A duba teburin tambaya a ga wa ya iso a wannan tsakanin, a sa shi a bayan layi. Sai bayan haka ne ake mayar da wanda aka sauke, idan yana da saura.

```
Lokaci  Hawa  Saura  Isowa   Layi
0-3     P1    5      P2,P3   P2 P3 P1
3-6     P2    1      P4      P3 P1 P4 P2
6-8     P3    0      -       P1 P4 P2
8-11    P1    2      -       P4 P2 P1
11-14   P4    2      -       P2 P1 P4
14-15   P2    0      -       P1 P4
15-17   P1    0      -       P4
17-19   P4    0      -       -
```

Layi na uku ya cancanci a tsaya a kansa. P3 milisakan 2 kawai yake bukata, saboda haka ya sauka a ƙarfe 8, ba a jira kwantom ya cika a ƙarfe 9 ba. Wanda ke kan gaba a wannan lokaci P1 ne. Ya shiga layi tun ƙarfe 3, P4 kuwa sai ƙarfe 6 ya iso. A nan ne jadawalin ɗalibin ya rabu da na malami: ya ba P4 wurin da P1 ya riga shi tsayawa da milisakan 3. Sakamakon da ya dace shi ne:

```
      CT  TAT  WT
P1    17  17   9
P2    15  14   10
P3    8   5    3
P4    19  13   8
```

Jimillar jira 30 ce, kamar tasa. Dalilin da ya sa suka yi daidai ba wani abin mamaki ba ne idan aka duba da kyau. Jimillar jira ita ce jimillar CT a debe jimillar AT a debe jimillar BT, kuma biyun ƙarshe ba sa canzawa ko wane tsari aka bi. A jadawalinsa ayyukan sun kammala a 8, 15, 17 da 19. A jadawalin da ya dace ma 8, 15, 17 da 19 ne. Abin da ya faru kawai shi ne P1 da P4 sun yi musayar 17 da 19. Jimillar CT 59 ce a duka biyun, 59 a debe 10 a debe 19 kuma 30 ce. Matsakaici ba ya gane wane aiki ne ya ɗauki wace lamba.

An tsara tambayar da gangan ta yadda P3 zai iso daidai lokacin da kwantom na P1 ya ƙare, P4 kuma daidai lokacin da na P2 ya ƙare. A irin wannan karo, al'adar da aka fi bi a jarrabawa ita ce sabon zuwa ya shiga layi kafin wanda aka sauke, kuma ita malamin ajin ya koyar. Mai taimakon ya sa ɗalibin ya warware tambayar da ɗaya al'adar, wato wanda aka sauke ya riga shiga, don ya ga abin da za ta haifar:

```
| P1 | P2 | P1 | P3 | P2 | P4 | P1 | P4 |
0    3    6    9    11   12   15   17   19
```

A nan P2 ya kammala a 12 maimakon 15, P3 kuma a 11 maimakon 8. Ɗaya ya ci ribar 3, ɗaya ya yi asarar 3, jimillar CT ta sake komawa 59. Jadawali uku mabambanta, matsakaici ɗaya, 7.5. Ɗalibin ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya janye maganar zuwa wurin malami neman ƙarin maki. An kuma ba shi shawarar cewa duk sa'adda tambaya ba ta faɗi al'adar da za a bi ba, ya rubuta wadda ya ɗauka a jimla ɗaya a saman amsarsa, domin mai dubawa ya san zaɓi ya yi.

A wannan zama aka warware SRTF ma da ayyukan nan huɗu. A ƙarfe 1 P2 ya iso da 4, P1 yana da saura 7, sai aka sauke P1. A ƙarfe 3 P3 ya iso da 2. Idan aka gwada shi da 4 na asali, za a ce ya fi P2 gajarta, amma P2 ya riga ya ci 2, saurarsa 2 ce, wato kunnen doki. A kunnen doki ba a sauke wanda ke kai, don haka P2 ya ƙarasa a 5, P3 ya hau ya gama a 7, P4 ya bi daga 7 zuwa 12, P1 ya rufe daga 12 zuwa 19. Lokutan jira 11, 0, 2 da 1, matsakaici 3.5.

## Mako na 10 zuwa na 13: sabon atisaye

An rage yawan tambayoyi, aka canza irinsu. Tambaya biyu a rana, kuma ba a karɓar wadda duk ayyukanta suka iso a ƙarfe 0. Wani lokaci shi da abokin karatunsa suke ƙirƙira wa juna, kowa yana ƙoƙarin saka wa ɗan'uwansa tarko: isowa daidai ƙarshen kwantom, aiki mai BT ƙasa da kwantom, ko giɓi inda babu kowa a layi. Ba a zana jadawalin Gantt sai teburin layi ya cika, domin jadawalin kwafe ne kawai na ginshiƙai biyu na farko.

An kuma sauya hanyar tantancewa. Maimakon duba matsakaici, sai ya riƙa yin gwaji uku da ba sa bukatar takardar amsa. Lambar ƙarshe ta jadawali dole ta zama jimillar BT tare da duk lokacin da Sipiyu ya zauna babu aiki. Akwatunan kowane aiki idan aka tara su dole su ba da BT ɗinsa, kamar P1 da ya ci 3 da 3 da 2 suka zama 8. Sannan babu WT da za ta yi ƙasa da sifili. Waɗannan gwaje-gwaje suna kama kuskuren ƙidaya da kuskuren fara aiki kafin ya iso. Ba sa kama kuskuren jerin layi, domin jadawalinsa na gwaji ya tsallake dukkansu. Wannan kuskuren, ginshiƙin layi kaɗai ke hana shi.

A makon farko tebur ya rage masa sauri sosai. Tambaya mai ayyuka biyar tana cin masa kusan minti 14, alhali da can a minti 6 yake gamawa. Sau biyu ya koma tsohuwar hanya saboda gaggawa, sau biyun kuma P1 ya faɗa wurin da ba nasa ba. Zuwa mako na 13 ya sauko kusan minti 8, bayan ya daina rubuta harafin P a ginshiƙin layi, yana rubuta lambobi kawai yana soke na gaba idan ya hau.

## Ranar jarrabawa

Tambayar tana da ayyuka biyar, kwantom 2, kuma tana ɗauke da giɓi.

```
Aiki  AT  BT
P1    0   3
P2    2   1
P3    6   5
P4    7   2
P5    8   3
```

A RR, P2 ya iso daidai lokacin da aka sauke P1 a ƙarfe 2, ya shiga gabansa, ya gama a 3. P1 ya ƙarasa a 4. Daga nan layi ya zama babu kowa har ƙarfe 6, ɗalibin ya zana akwatin da babu aiki a ciki maimakon ya jawo P3 baya. Da P3 ya sauka a ƙarfe 8, P4 ya riga ya iso, P5 ma ya iso a daidai lokacin, saboda haka P3 ya tsaya bayan su biyun.

```
| P1 | P2 | P1 | -- | P3 | P4 | P5 | P3 | P5 | P3 |
0    2    3    4    6    8    10   12   14   15   16
```

Jimillar BT 14, giɓi 2, ƙarshe 16, gwajin farko ya yi daidai. Lokutan jira 1, 0, 5, 1 da 4, jimilla 11, matsakaici 2.2. A SJF marar katsewa, P1 ya ci 0 zuwa 3, P2 ya ci 3 zuwa 4, giɓi har 6, P3 ya hau shi kaɗai har 11, sannan P4 zuwa 13 da P5 zuwa 16. Lokutan jira 0, 1, 0, 4 da 5, matsakaici 2.0. Da aka sake lissafin bayan an fito, jadawalansa biyu da duk lambobinsa sun yi daidai.

Ƙaramar tambaya ta ƙarshe ta nemi a faɗi wane tsari ne ya fi ba da ƙarancin jira, da dalili. Ya rubuta cewa SJF a kullum shi ke ba da mafi ƙarancin matsakaicin jira, bai ƙara komai ba. Maganar gaskiya ce idan duk ayyukan suna nan a lokaci guda. Idan isowarsu ta bambanta, SRTF yana iya fin sa, kamar 3.5 da 5.5 da ya gani da idonsa a mako na 9. Har a wannan tambaya ma, da Sipiyu zai haƙura ya zauna daga 6 zuwa 7, ya ɗauki P4 sannan P5 sannan P3, da jiran ukun ya zama 7 maimakon 9. SJF ba ya yin haka domin bai san wanda ke tafe ba.

## Hukunci

Kuskuren SJF da na RR tushensu ɗaya ne. A duka biyun ɗalibin yana karanta teburin tambaya kamar jerin da aka ba shi a dunƙule, alhali manhaja ba ta ganin teburin. Abin da take gani shi ne layin da ke gabanta a wannan milisakan ɗin. Haddar ƙa'ida ba ta taɓa wannan ba, domin ƙa'idojin suna zuwa ne bayan jadawali. Yawan atisaye ma bai taɓa shi ba, saboda irin tambayoyin da aka zaɓa da kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi. Teburin ya yi aiki ne domin ya tilasta masa, a kowace sauka, ya amsa tambaya ɗaya a rubuce: su wa ke jira yanzu, kuma wa ya riga wa tsayawa.

Malamin da ya hana shi maki a gwaji ya yi daidai, kuma hanin ya amfane shi. Da an ba shi cikakken maki saboda 7.5, da ya shiga jarrabawa da bin lamba.

Amsarsa ta ƙarshe ta nuna iyakar wannan gyara. Teburi yana koya wa hannu bin layi, amma ba ya bayyana abin da lambobin ke nufi. A tambayar gwaji RR ya ba da jira 7.5, SJF kuwa 5.5, wanda ya tsaya a nan zai ɗauka RR ba shi da amfani. Amma idan aka auna tazarar da ke tsakanin isowar aiki da hawansa na farko, RR yana ba da 0, 2, 3 da 5, matsakaici 2.5, SJF kuma yana nan a 5.5. Wannan saurin amsawa shi ne abin da ake saye da ƙarin jiran, kuma shi ya sa tsarin raba lokaci, tun daga manhajar CTSS da aka fara nunawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1961, ya ginu a kan sauke aiki kafin ya gama. SJF kuma yana bukatar a san BT tun kafin aikin ya hau, abin da takardar jarrabawa ke bayarwa kyauta amma manhaja ta gaske sai dai ta yi kirdado daga abin da aikin ya ci a baya. Da an sa ɗalibin, bayan kowane tebur a makonnin atisaye, ya rubuta jimla biyu kan wane aiki ne ya ci riba da wanda ya yi asara a kowane tsari, da ƙaramar tambayar nan ma ba ta kuɓuce masa ba.